Mutum Nawa Ne a Kano? Amsar Tana Kan Inda Aka Ja Iyaka

Duk lokacin da aka tayar da zancen yawan jama'ar birane, sai ka ji lambobi suna karo da juna. Wani ya ce Kano ba ta wuce mutum miliyan uku ba, wani ya ce ta haura miliyan tara, wani kuma ya buɗe littafi ya nuna maka inda aka rubuta dubu ɗari uku da 'yan kai. Abin mamaki shi ne dukkan lambobin uku daga ƙidaya ɗaya suka fito, wato ƙidayar 2006, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikin masu faɗarsu. Bambancin kawai shi ne kowa da irin Kanon da yake nufi.

Masu nazarin birane suna da iyakoki uku da suke ja wa gari kafin su fara lissafin mutanensa. Akwai iyakar mulki, wadda doka ta shata. Akwai iyakar gini, wato inda gidaje suka ƙare aka shiga gonaki. Akwai kuma iyakar zirga-zirga, wadda ta haɗa da garuruwan da mutanensu ke shigowa birni neman abinci kullum su koma. Kowace iyaka da adadin da take bayarwa, kuma wanda ya ɗauko adadin wannan birni da iyaka ɗaya ya gwada da na wancan da wata iyakar daban, kamar wanda ya auna gero da mudu ne ya auna dawa da tiya, sannan ya ce dawa ta yi ƙaranci.

Iyakar mulki

Wannan ita ce iyakar da ke kan taswirar gwamnati, inda ikon hukumar birni ya tsaya. Ita ce mafi sauƙin samu a takarda, domin ƙidaya da kanta bisa iyakokin mulki ake haɗa sakamakonta. Sai dai ita ce kuma mafi yaudara, saboda ba don lissafin jama'a aka ja ta ba. Tarihi da siyasa ne suka ja ta, kuma gari ba ya tsayawa jiran a gyara ta kafin ya girma.

Mu ɗauki Kano. Ƙaramar hukumar Birni, wadda fadar Sarki da kasuwar Kurmi ke cikinta, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 17 ba. A sakamakon farko na ƙidayar 2006 an ba ta mutum 365,525. Wanda bai san Kano ba, idan ya ga sunan wannan ƙaramar hukuma a jadawali, zai iya ɗauka cewa ita ce birnin gaba ɗaya. Amma dutsen Dala ba ya cikinta, yana ƙaramar hukumar Dala. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suna Fagge. Ko tsohon birnin da ke cikin ganuwa ma an rarraba shi ne tsakanin Birni da Dala da Gwale. Babu wani Bakano da zai yarda cewa mazaunin gindin Dala ba a Kano yake ba, amma lambar 365,525 ba ta ƙirga shi ba.

Irin wannan matsatsiyar iyaka ba a Kano kaɗai take ba. Birnin Paris na Faransa, bisa iyakar mulki, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 105 ne, kuma mutanensa sun ɗan haura miliyan biyu. Iyakar ba ta canza sosai ba tun 1860, alhali gine-gine sun daɗe da tsallake ta ta kowace kusurwa. Na Landan ya fi haka ban dariya: tsohuwar cibiyar da a doka ita ce ke ɗauke da sunan Birnin Landan ba ta kai murabba'in kilomita uku ba, kuma a ƙidayar 2021 mazaunanta ba su kai dubu tara ba, alhali Babban Landan da ke ƙarƙashin magajin gari yana da mutum kusan miliyan tara.

Akwai kuma akasin haka, inda iyakar mulki ta yi wa gari yawa. Chongqing da ke ƙasar Sin ita ce misalin da ya fi shahara. A tsarin mulkin ƙasar birni ce, kuma ƙidayar 2020 ta ba ta mutum miliyan 32, shi ya sa ake yawan ganin sunanta a saman jerin manyan biranen duniya. Amma faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita 82,000, wato ya ninka jihar Kano kusan sau huɗu, ya kuma zarce jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗi a Nijeriya. A cikin wannan fili akwai duwatsu da gonaki da ƙauyuka da wasu garuruwan masu zaman kansu da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga tsakiyar birnin. Jera Chongqing da Paris bisa iyakar mulki zai nuna cewa ta ninka Paris sau goma sha biyar, alhali abin da aka gwada shi ne lardi guda da kuma tsakiyar wani birni.

Wata matsalar iyakar mulki ita ce alƙalami na iya sauya ta a dare ɗaya. A ranar 1 ga Janairu 1998 gwamnatin lardin Ontario ta Kanada ta haɗe tsohon birnin Toronto da hukumomin da ke maƙwabtaka da shi suka zama hukuma ɗaya. Adadin mutanen birnin ya tashi daga ƙasa da dubu ɗari bakwai zuwa sama da miliyan biyu, ba tare da kowa ya yi ƙaura ba. Wanda ya ga irin wannan tsalle a jadawali, kafin ya fara maganar kwararar baƙi, ya fara bincikar ko iyaka aka matsar.

Iyakar gini

Iyaka ta biyu ba ta kula da taswirar gwamnati. Tambayarta guda ce: daga tsakiyar gari, ina gine-gine suka ci gaba a manne da juna, ina kuma suka yanke? Ita ce abin da matafiyi ke gani ta tagar jirgi idan ana shirin sauka da dare, inda fitilu suka yi shimfiɗa guda sannan duhu ya fara.

Don kada kowa ya yi ta da ido, hukumomin ƙididdiga sun sa mata ƙa'ida. A Faransa ana ɗaukar gine-gine a matsayin gari ɗaya muddin babu tazarar da ta wuce mita 200 tsakanin wannan gini da na gaba. Da wannan ma'auni Paris ba ta miliyan biyu ba ce, mutanenta sun kusa miliyan 11. A shekarar 2020 kuma hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata hanya da kowace ƙasa za ta iya bi. Ana yanka taswirar ƙasa zuwa ƙananan akwatuna, kowanne kilomita ɗaya a tsaye kilomita ɗaya a kwance. Duk akwatin da ke da mutum 1,500 ko fiye ana yi masa alama. Idan akwatuna masu alama suka manne da juna, kuma jimillar mutanensu ta kai 50,000, to an samu cibiyar birni. Amfanin wannan hanya shi ne akwatin Kano da na Yamai da na Alƙahira duk girmansu ɗaya, ba ruwansa da yadda kowace ƙasa ta tsara hukumominta.

A Nijeriya ba a fitar da sakamakon ƙidaya bisa iyakar gini, don haka masu bincike kan haɗa ƙananan hukumomin da gari ya mamaye su yi jimilla. Ga yadda lissafin Kano yake a sakamakon farko na 2006. Ƙananan hukumomi shida na tsakiya su ne Birni mai 365,525, Dala mai 418,777, Gwale mai 362,059, Fagge mai 198,828, Tarauni mai 221,367, sai Nasarawa mai 596,669. Jimillarsu 2,163,225. Idan aka ƙara Ungogo mai 369,657 da Kumbotso mai 295,979, waɗanda gari ya riga ya kutsa cikinsu, jimillar takwas ɗin ta zama 2,828,861. Wannan ita ce lambar da ta fi kusa da abin da mutum ke nufi idan ya ce cikin garin Kano, kuma ta ninka ta ƙaramar hukumar Birni kusan sau takwas.

Amma ko wannan jimilla kusantarwa ce kawai. A lokacin ƙidayar akwai sassan Ungogo da Kumbotso da gonaki ne da ƙauyuka, kuma an zuba su cikin lissafin saboda ba a raba ƙaramar hukuma biyu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gine-gine sun bi manyan tituna sun fita daga takwas ɗin. A hanyar Katsina sun kai Dawanau, wadda ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a hanyar Haɗeja kuma sun shiga ƙasar Gezawa. Saboda haka jimillar tana ɗauke da wasu da ba a gari suke ba, ta kuma bar wasu da a gari suke.

Iyakar gini tana da nata raunin. Tana motsi kowace shekara, don haka idan adadin mutanenta ya ƙaru, wani ɓangare na ƙaruwar ba haihuwa ba ce ba kuma ƙaura ba, ƙauyuka ne da suke nan tun da can gari ya iso ya haɗiye su. Sannan a wuraren da jama'a suka yi yawa sosai, kamar kudu maso gabashin Nijeriya ko bakin kogin Nilu, gidaje kan jeru a gefen titi daga wannan gari har zuwa wancan ba yankewa, sai ƙa'idar mita 200 ta ɗinke garuruwa da yawa ta mai da su ɗaya, ko da mutanensu ba su ɗauki kansu 'yan gari ɗaya ba.

Iyakar zirga-zirga

Iyaka ta uku mutane take bi, ba gini ba. Akwai garuruwan da gonaki suka raba su da birni sarai, amma da asuba motoci ke cika da mutanensu zuwa aiki ko kasuwa a birnin, da magariba su dawo. Aljihun irin wannan gari a birni yake, duk da cewa gadajen barcinsa suna waje. Idan aka haɗa birni da duk irin waɗannan garuruwa, an samu yankin hada-hadar birni, kuma yawanci shi ne mafi girma a cikin ukun.

Nan ma akwai ƙa'ida. A Amurka ana farawa da gari mai mutum aƙalla 50,000, sannan a jawo duk gundumar da ke gefe idan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatanta a tsakiyar suke aiki. A Faransa kashi 15 ake nema, kuma da wannan ma'auni yankin Paris ya kai kimanin mutum miliyan 13. Ka ga ke nan Paris ɗaya tana da lambobi uku: miliyan biyu, kusan miliyan 11, da miliyan 13. Ka kuma lura cewa ƙa'idar Amurka da ta Faransa ba ɗaya ba ce, don haka ko yankunan hada-hada biyu aka jera, sai an duba da wane kashi aka auna kowanne.

A Nijeriya Abuja ce ta fi nuna wannan a fili. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi da safe ya san cunkoson da ke tasowa daga Masaka da Mararaba zuwa cikin birni. Waɗannan garuruwa a jihar Nasarawa suke. Haka Suleja da Madalla, a jihar Neja suke. Dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori da ke raya Abuja da rana a can suke kwana, galibi saboda tsadar haya, kuma da yake ƙidaya inda mutum ke zaune take rubuta shi, ba a lissafin Babban Birnin Tarayya suke ba. Ƙidayar 2006 ta ba wa Birnin Tarayya kimanin mutum miliyan 1.4, wanda ya haɗa da ƙauyuka masu nisa a Abaji da Kwali, amma bai haɗa da Mararaba da ke manne da Nyanya ba. Mai tsara tituna ko motocin haya da ya dogara da wannan lamba kaɗai zai yi tanadin da bai kai ba, domin titin ba ya tambayar fasinja a wace jiha ya kwana.

Kano ma tana da irin wannan yanki. Mutane na shigowa kullum daga Wudil da Bichi da Kura da Gezawa da Madobi. Amma ja wa wannan yanki iyaka yana buƙatar a tambayi mutane inda suke aiki, a kuma lissafa kashi nawa ne ke shigowa, ba a yi shi da hasashe. Shi ya sa idan ka ga an rubuta adadin babban yankin Kano, yawanci jimillar ƙananan hukumomi takwas ɗin nan ce aka sa mata babban suna, ba awon zirga-zirga ba.

Gardamar Kano da Legas

Da waɗannan iyakoki a hannu, tsohuwar gardamar nan ta Kano da Legas tana ƙara fitowa fili. Sakamakon farko na 2006 ya ba jihar Kano mutum 9,383,682, jihar Legas kuma 9,013,534. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya nuna sama da miliyan 17. Wannan taƙaddama ce kan ingancin ƙidayar kanta, kuma zance ne daban. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda mutane suka riƙa ɗaukar lambobin biyu kamar an gwada birni da birni ne, alhali jiha da jiha aka gwada.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 20,000, daga Doguwa a kudu har Ɗambatta da Makoɗa a arewa. Takwas kawai daga ciki ne garin Kano, kuma mutum miliyan 2.8 da ke cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku na jihar ba. Sauran suna Rano da Gaya da Ƙaraye da ɗaruruwan garuruwa da ƙauyuka. Jihar Legas kuwa ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasar, ba ta kai murabba'in kilomita 4,000 ba, kuma 16 daga ƙananan hukumominta 20 gari ɗaya ne a haɗe, da mutum kusan miliyan takwas a waccan ƙidayar. Bugu da ƙari garin ya tsallaka jihar Ogun ta Sango Ota da Ibafo da Mowe, waɗanda ba a lissafin jihar Legas suke ba.

Saboda haka ƙidaya ɗaya ta faɗi abubuwa biyu da ba su saɓa wa juna ba. A matsayin jiha, Kano ta ɗan ɗara Legas. A matsayin gari, Legas ta ninka Kano kusan sau uku. Wanda ya ce Kano ta fi yawa da wanda ya ce Legas ta fi yawa za su iya kwana suna musu, kowa riƙe da lamba ta gaskiya, matuƙar ba su tsaya sun amince kan iyakar da suke magana a kai ba.

Yadda za a gane wace lamba ce a gabanka

Hanya mafi sauƙi ita ce neman faɗin ƙasar da aka rubuta tare da adadin, a raba mutane da faɗi. Ƙaramar hukumar Birni ta Kano tana ba da sama da mutum 21,000 a kowane murabba'in kilomita, kusan daidai da tsakiyar Paris. Ƙananan hukumomi takwas, da faɗinsu ya kai kimanin murabba'in kilomita 500, suna ba da tsakanin 5,000 da 6,000. Jihar gaba ɗaya ba ta kai 500 ba, Chongqing ma ba ta kai 400 ba. Idan aka ce maka wannan adadin birni ne, ka raba ka samu 'yan ɗaruruwa, to an zuba gonaki da ƙauyuka a ciki. Idan kuma ka samu dubu ashirin a ƙaramin fili, mai yiwuwa tsakiyar gari kawai aka ba ka, akwai saura a waje.

Abu na biyu shi ne shekara. Nijeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk wata sabuwar lamba da ka gani ta Kano ko Legas ko Abuja kintace ne: an ɗauki tsohon adadi an ninka shi da wani kashi na ƙaruwa da mai lissafin ya zaɓa. Zaɓin kuwa yana da tasiri sosai. Miliyan 2.8 idan tana ƙaruwa da kashi biyu cikin ɗari a shekara, bayan shekara 20 za ta kai kimanin miliyan 4.2. Idan da kashi uku ne, za ta haura miliyan biyar. Bambancin kusan miliyan guda ke nan, daga maki ɗaya tal. Don haka gwada adadin ƙidaya na wani gari da kintacen bana na wani garin kuskure ne, ko da iyakokin iri ɗaya ne.

Abu na uku shi ne sanin tambayar da ake son amsawa, domin kowace iyaka da aikinta. Idan zancen kujerun kansiloli ne, ko kason kuɗi, ko wanda ke da alhakin kwashe shara, iyakar mulki ce ta dace, saboda ita doka ta sani. Idan zancen bututun ruwa ne, ko magudanai, ko yadda annoba ke yaɗuwa daga unguwa zuwa unguwa, iyakar gini ake buƙata, domin ruwan sama da cuta ba su san inda Gwale ta ƙare Dala ta fara ba. Idan kuma zancen tashoshin mota ne, ko manyan tituna, ko yawan masu sayen kaya a Kwari, to yankin zirga-zirga ne ke ba da amsar da ta fi kusa da gaskiya. Don gwada girman birane na ƙasashe daban-daban kuwa, iyakar gini ta fi adalci, saboda ita ce ba ta dogara da tsarin mulkin kowace ƙasa ba.

Saboda haka, mai karatu, idan aka sake kawo maka jerin manyan biranen Afirka ko na duniya, kada ka fara da duba wanda ke sama. Ka tambayi wace iyaka aka bi, ta wace shekara ce, kuma ƙidaya ce ko kintace. Idan amsoshin nan uku ba iri ɗaya ba ne ga duk biranen da ke jerin, to jerin bai isa hujja a kowace gardama ba.